Wasan Othello: Tambayoyin 'Yan Zaman Karatu da Amsoshinsu

A zamanmu na wannan wata mun ɗauki wasan Othello na William Shakespeare, magariba ta riske mu ba mu kai rabin tambayoyin ba. Shi ya sa na tattara su wuri guda na amsa gwargwadon abin da na karanta. Sunayen mutanen wasan na rubuta su yadda muke furta su a zama. Wanda bai gama littafin ba ya sani cewa a nan zan faɗi ƙarshen labarin.

Ban samu na gama ba. Me ya faru daga farko zuwa ƙarshe?

Wasan kashi biyar ne. Kashi na ɗaya a birnin Benis na Italiya yake, sauran huɗun a tsibirin Kubrus.

Otelo baƙo ne a Benis, baƙar fata, amma shi ne janar ɗin da birnin ke taƙama da shi a fagen yaƙi. Ya auri Dasdimona a ɓoye, 'yar wani ɗan majalisa mai suna Birabanshiyo. Cikin daren nan Iyago, mai riƙe wa Otelo tuta, ya ja wani ɗan masu kuɗi, Rodarigo, wanda ya daɗe yana son yarinyar, suka je ƙofar uban suka tashe shi da ihu. Uban ya kai ƙara gaban majalisa yana cewa asiri aka yi wa 'yarsa. Otelo ya ce asirinsa ɗaya ne, labarin rayuwarsa da yake ba su in ya je gidan: yaƙe-yaƙe tun yana ɗan shekara bakwai, kamun da aka yi masa aka sayar da shi bawa, da fansar da ya samu. Ita ta so shi don wahalar da ya sha, shi kuma ya so ta don tausayinsa da ta ji. Aka kira Dasdimona ta tabbatar da bakinta. Da ma majalisa na cikin gaggawa, jiragen Turkawa sun doshi Kubrus, sai aka tura Otelo a daren, matarsa ta roƙi a bar ta ta bi shi.

Kafin su isa, guguwa ta tarwatsa jiragen Turkawa. Yaƙi ya ƙare tun ba a fara ba. A daren biki Iyago ya sa Kasiyo, mataimakin Otelo, ya sha giya alhali kansa ba ya ɗauka, ya tura Rodarigo ya tsokane shi. Faɗa ya kaure, Kasiyo ya ji wa Montano, tsohon gwamnan tsibirin, rauni. Otelo ya tuɓe shi nan take. Sai Iyago ya ba Kasiyo shawara: je ka kama ƙafa da uwargida, ita ce mai faɗa a ji. Dasdimona ta ɗauki maganar da zafi, ta yi ta yi wa mijinta naci.

Daga nan Iyago ya shiga zuga Otelo cewa akwai wani abu tsakanin matarsa da Kasiyo. Wani hankici da Otelo ya ba ta, kyautarsa ta farko, ya faɗi. Emiliya matar Iyago, wadda ke yi wa Dasdimona hidima, ta tsinta ta kai wa mijinta. Shi kuma ya jefa shi a ɗakin Kasiyo. Da Otelo ya ga hankicin a hannun Biyanka, budurwar Kasiyo, sai ya yanke hukunci. Ya mari matarsa a gaban baƙi daga Benis. Da dare Rodarigo ya kai wa Kasiyo hari bai dace ba, Iyago ya sari Kasiyo a ƙafa ta baya, sannan ya kashe Rodarigo don kada ya tona. Otelo ya shiga ɗaki ya shaƙe Dasdimona a kan gadonta.

Emiliya ce ta fasa ƙwai. Da ta ji an ambaci hankici ta faɗi gaskiya a gaban kowa, Iyago ya soke ta, ta mutu kusa da uwargijiyarta. An sami wasiƙu a aljihun Rodarigo da suka ƙara tona makircin. Otelo ya yi jawabinsa na ƙarshe ya daɓa wa kansa wuƙa. Kasiyo ya zama gwamna, aka bar masa Iyago ya hukunta.

Shakespeare ne ya ƙirƙiri labarin?

A'a. Ya ɗauko shi daga wani gajeren labari na marubucin Italiya Cintiyo, wanda aka buga a 1565. Wasan kuwa an yi shi a fadar Sarkin Ingila ranar 1 ga Nuwamba 1604, aka fara buga shi a 1622.

Abin da ya canza shi ne ya kamata mu duba. A wurin Cintiyo dalilin mai tuta a fili yake: yana son matar, ba ta kula shi ba, so ya koma ƙiyayya. Shi da kansa ya zare hankicin daga jikinta lokacin da take ɗauke da ƙaramar 'yarsa. Shi da mijin suka haɗu suka kashe ta da safa cike da yashi, suka rushe rufin ɗaki a kanta don a ce haɗari ne. Shakespeare ya dagula wancan dalili mai sauƙi, ya sa hankicin ya bi ta hannun Emiliya, ya kuma bar Otelo ya yi kisan da hannunsa shi kaɗai. Duk gardamar da muka yi a zama daga waɗannan canje-canje uku ta taso.

To me Iyago yake nema? Me Otelo ya yi masa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin lokacinmu. Matsalar ita ce Iyago ya ba da dalilai da yawa, kuma ba wanda ya riƙe.

Na farko muƙami. Ya ce manyan gari uku sun je sun roƙa masa kujerar mataimaki, Otelo ya ba Kasiyo, mutumin Fulorans wanda a cewarsa lissafi kawai ya sani, bai taɓa jagorantar runduna a fagen fama ba. Wannan ƙorafi ne da kowa zai gane, duk wanda aka taɓa tsallake shi a wurin aiki ya san zafinsa. Sai dai ku lura, a ƙarshen kashi na uku fitowa ta uku Otelo ya ce masa daga yau kai ne mataimakina. Ya sami abin da yake nema, bai tsaya ba.

Na biyu, ya ce ana raɗe-raɗin Otelo ya nemi matarsa Emiliya. Amma yadda ya jera maganar abin dubawa ne. Ya fara da cewa ya tsani mutumin, sannan ya kawo raɗe-raɗin, sannan ya ce bai san ko gaskiya ba ne, amma zai yi aiki da zargin kamar tabbas. Ƙiyayyar ta riga dalilin zuwa. Can gaba ya ce yana zargin Kasiyo ma da Emiliya. Ya taɓa cewa shi ma yana son Dasdimona, bai sake komawa kan maganar ba. Ga kuɗi da kayan ado da yake tatsa daga Rodarigo da sunan zai kai mata. Saboda wannan tarin dalilai ne mawaƙin Ingila Coleridge ya ce mugunta ce marar dalili take farautar dalili.

Ni ban yarda cewa ba dalili sam ba. A kashi na biyar, yana shirin sa a kashe Kasiyo, wata magana ta kuɓuce masa: akwai wani kyau a rayuwar Kasiyo ta yau da kullum da ke sa shi, Iyago, ya zama mummuna. A ganina nan ce kaɗai inda ya faɗi gaskiyar zuciyarsa. Hassada ce, amma ba ta kujera ba. Mutum ne mai shekara 28 da ya gina rayuwarsa a kan cewa so sha'awa ce kawai, amana wauta ce, kowa kansa yake yi wa aiki. Sai ga mutane a gabansa suna ƙaryata shi ba da baki ba, da zamansu. In auren nan ya ɗore, ra'ayinsa a kan duniya ya rushe. Dole ya nuna cewa su ma kamar yadda ya ce suke.

Wannan karatuna ne, wasan bai rufe ƙofa ba. Da Otelo ya nemi a tambaye shi dalili, Iyago ya ce kada a tambaye shi komai, abin da suka sani sun sani, daga yanzu ba zai ƙara furta kalma ba. Kuma bai ƙara ba.

Yaya mutum mai hankali kamar Otelo ya faɗa tarko da wuri haka?

Ku koma kashi na uku fitowa ta uku ku karanta a hankali, da murya in da hali. A farkonta Otelo yana cewa in ya daina son matar nan duniya ta rikice. A ƙarshenta ya durƙusa yana rantsuwar jini. Abin da ke tsakani shi ne zuciyar wasan.

Iyago bai fara da ƙarya ba. Sun hango Kasiyo yana barin wurin Dasdimona, sai ya yi ƙasa da murya ya ce abin nan bai yi masa daɗi ba. Otelo ya ce me ka ce? Ya ce ba komai. Daga baya ya tambaya: lokacin da kake neman aurenta, Kasiyo ya san da maganar? Otelo ya ce ƙwarai, shi ne ma ɗan aikenmu. Iyago ya ce, ashe? Sai ya riƙa maimaita kalmomin Otelo yana mayar masa, kamar mai abu a baki yana tsoron faɗa. Otelo da kansa ya shiga roƙonsa ya yi magana. Shi ne ma ya ja masa kunne a kan kishi, kafin Otelo ya san yana kishin. Wanda ya san annamimi ya san wannan salo: ba ya kawo maka gulma, sai ya sa ka bi shi kana nema.

Duk da haka Otelo ya tsaya da farko. Ya ce tana da ido ta zaɓe shi, kuma ba zai yi zargi ba sai ya gani. A nan Iyago ya ɗauko makaminsa na gaske, abubuwa biyu da Otelo ba shi da amsarsu. Ya ce ni ɗan ƙasa ne, na san halin matan Benis. Otelo baƙo ne, ya girma a sansanin yaƙi, ba zai iya musu ba. Sannan ya ce ai ta yaudari ubanta ta aure ka. Wannan maganar Birabanshiyo ce, da ya jefa masa a gaban majalisa: ka sa mata ido, ta yaudari ubanta, kai ma za ta iya. Abin da ya kamata ya zama shaidar sonta, wato barin gidan ubanta dominsa, shi aka juya ya zama shaidar ha'incinta.

Da Iyago ya fita, Otelo shi kaɗai ya fara lissafin abin da bai taɓa furtawa ba: ko don ni baƙi ne, ko don ban iya zancen 'yan birni ba, ko don shekaru sun ja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan ba Iyago ya yi ta ba. Birnin da ke girmama shi a matsayin soja, wanda uban yarinyar ke gayyatarsa gida cin abinci amma ya ce sai da asiri 'yarsa za ta so shi, shi ya yi ta.

Akwai kuma tarbiyyar soja. Otelo ya ce shakka ɗaya, hukunci ɗaya. A fagen yaƙi wannan hali ne ya ɗaukaka shi, haka ya tuɓe Kasiyo cikin minti kaɗan. Zama cikin rashin tabbas ne ba ya iyawa, har ya gwammace mummunan tabbas. Kuma a yi masa adalci ta wannan fuska: ba shi kaɗai aka ruɗa ba. Montano ma ya yarda da shi, Kasiyo da Dasdimona kuwa Iyago mai gaskiya suke kiransa.

Amma ai an nuna masa hujja?

Mu ƙirga ta. Akwai mafarkin da Iyago ya ce Kasiyo ya yi yana kiran sunan Dasdimona, wanda ba mai shaida sai shi. Akwai hirar da Otelo ya laɓe yana kallo daga nesa, bayan farfaɗiyar da ta kayar da shi: Kasiyo na dariya a kan Biyanka, shi yana zaton matarsa ake nufi. Sai hankici. Shi ke nan.

Hankicin ma ku tuna yadda ya faɗi. Otelo ya ce kansa na ciwo, ta ciro shi za ta ɗaure masa, ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta, a bar shi. A gabansa ya faɗi, ta dalilinsa. Tun a 1693 wani mai sharhi, Thomas Rymer, ya yi wa wasan ba'a cewa bala'i ne a kan ƙyalle. Ni kuwa ƙanƙantar hujjar ce take tayar mini da hankali, don tana nuna cewa hukuncin ya riga hujja. Lokacin da ya durƙusa ya yi rantsuwa bai ga komai da idonsa ba tukuna.

Sau ɗaya ya yi bincike. Ya tambayi Emiliya, ta rantse da ranta cewa uwargijiyarta tsarkakakkiya ce, ya ce kawaliya ce dole ta faɗi haka. Bai taɓa zama da Kasiyo ya tambaye shi ba. Sunan wanda ake zarginta da shi ma bai gaya wa Dasdimona a fili ba sai a kan gadon mutuwa, nan take kuwa ta ce a aika a kira shi a tambaye shi. Lokaci ya riga ya ƙure.

Ita Dasdimona ba ta da laifi? Nacin ya yi yawa, kuma ta yi ƙarya.

Wasu iyayenmu mata a zama sun tsaya a kan wannan, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ta yi naci, har tana sa masa rana: gobe da dare, ko Talata da safe. Dalilinta kuwa a fili yake. Kasiyo ne ya yi musu zirga-zirga lokacin neman aure, ta yi masa alkawari, kuma tana ganin mayar da shi alheri ne ga mijinta. Wadda ke da abin ɓoyewa ba za ta riƙa ambaton sunan mutum haka a gaban miji ba.

Ƙaryar kuma ta yi ta: ta ce hankicin bai ɓata ba. Amma ku duba abin da ya gabace ta. Otelo ya gama ba ta labarin cewa wata matsafiya 'yar Masar ce ta ba uwarsa shi, in ya ɓata so ya ɓata. Yarinya ce sabuwar aure, a tsibirin sojoji, ba uwa ba uba, miji ya canza fuska. Tsoro ne ya yi magana.

Kada kuma a ɗauke ta marar ƙarfi. Ita ce ta tsaya gaban majalisa ta ce wa ubanta tana girmama shi, amma yanzu biyayyarta ga miji take, kamar yadda uwarta ta yi. Da aka mare ta ta ce ban cancanci wannan ba. Maganarta ta ƙarshe, da Emiliya ta tambayi wanda ya yi mata haka, ta ce ba kowa, ita ce. Har yau in na zo layin nan sai na ajiye littafin na ɗan lokaci.

Me ya sa Emiliya ta yi shiru tun farko?

Tana tsaye Dasdimona ta tambayi inda hankicin ya shiga, ta ce ban sani ba, uwargida. Tana nan Otelo ya yi ta faɗa a kansa. Kalma ɗaya da ta isa.

Dalilin da ta bayar shi ne mijinta ya roƙe ta sau ɗari ta sato shi, ita kuma ba ta da burin da ya wuce ta faranta masa. Mace ce da miji ke wulaƙantawa a gaban mutane, tana neman ko da kallon arziki ɗaya. Ba ta san me zai yi da shi ba. Ta kai ga cewa lallai wani ɗan iska ne ya shirya wannan ƙazafi don neman muƙami, ta faɗa a gaban Iyago, ba ta kawo shi a ranta ba. Shi ya sa da Otelo ya ce mijinki ne ya gaya mini, ta yi ta maimaita mijina, mijina. A nan take haɗa lissafin. Da ya umarce ta ta tafi gida, ta ce ya dace ta yi masa biyayya, amma ba yanzu ba. Iyago ya auna kowa daidai a wasan nan, sai matarsa da ya raina.

Otelo ɗan ina ne? Musulmi ne?

Wasan bai ambaci ƙasarsa ba. Kalmar da ake kiransa da ita, wato Moor, Turawan lokacin suna amfani da ita ga mutanen Arewacin Afirka, wani lokaci ga baƙar fata gaba ɗaya. Ya ce shi jinin sarauta ne. A cikin wasan Kirista ne, Iyago ya ambaci baftismarsa, kuma Turkawan Usmaniyya yake yaƙa, waɗanda a tarihi suka ƙwace Kubrus daga Benis a 1570 zuwa 1571.

Mutanen Landan na lokacin ba su rasa labarin Afirka ba. A 1600 jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya zauna watanni a birnin. Sarkin nan ne rundunarsa ta ci Songhai a 1591. A shekarar 1600 ɗin dai aka buga fassarar Ingilishi ta littafin Hasan al-Wazzan a kan Afirka, wanda ya yi bayanin Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Masana da dama na ganin rayuwar marubucin nan, wanda aka kama a teku aka kai shi Rum aka yi masa baftisma, tana da kama da ta Otelo.

Wani ya ce lokacin bai isa a yi cin amanar ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. In ka bi fitowa-fitowa, daga saukarsu Kubrus zuwa kisan bai kai kwana biyu ba, kuma Kasiyo da Dasdimona ba jirgi ɗaya suka shigo ba. Duk da haka Otelo yana cewa sun aikata sau dubu, Biyanka na ƙorafin Kasiyo ya yi mako bai leƙo ta ba. Agogo biyu ke tafiya a wasan. Mai kallo ba ya lura, saurin ya ɗauke shi, kamar yadda ya ɗauke Otelo.

Jawabinsa na ƙarshe tuba ne ko wanke kai?

A nan zamanmu ya rabu biyu. Masu cewa wanke kai ne suna da hujja: ya fara da tuna wa mutane hidimar da ya yi wa ƙasa, ya kira kansa wanda ya yi so ba da hikima ba amma da yawa, ya ce shi ba mai saurin kishi ba ne. Mun ga saurin da idonmu. Tun kafin kisan ma ya ɗauki kansa alƙali, yana cewa dole ta mutu don kada ta ci amanar wasu maza, yana ce mata ta yi addu'a don ba ya son kashe ruhinta.

Ni ina ganin duka biyun suna ciki, kuma ƙarshen jawabin ya fi farkonsa nauyi. Ya ba da labarin wata rana a Halab, inda wani Baturke ya bugi ɗan Benis ya zagi ƙasar, shi kuma ya kama maƙogwaronsa ya soke shi. Yana cewa haka, ya soki kansa. A bugu ɗaya ya zama sojan Benis mai hukunci, ya kuma zama baƙon da ake hukuntawa. Sunan da Birabanshiyo da Iyago suka laƙaba masa tun daren farko, a ƙarshe da bakinsa ya karɓa. Sannan ya faɗi a kan gadon, ya sumbaci Dasdimona, ya cika.